Na haɗa waya da talabijin don buga ƙwallo, amma hoton yana makara

Nura: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sani ku taimaka. Kwana uku ke nan ina fama da abu ɗaya. Ina jefa allon wayata a talabijin ta Wi-Fi don in buga gem ɗin ƙwallo a babban allo, hoton yana fitowa tas, amma idan na danna fasin sai an ɗan jima ɗan wasan ya motsa. Kafin in ga ƙwallo ta iso ƙafata an riga an ƙwace. Fanareti kuwa ba a magana, ma'aunin ƙarfin bugu yakan wuce inda nake so in tsayar da shi, sai dai in ga ƙwallo ta tashi sama. A wayar kanta ba na samun haka. Na sayi wani kebul mai kai uku da aka ce yana haɗa kowace waya da HDMI, shi ma duk kanwar ja ce. Ina matsalar take?

Abba: Wa alaikumus salam. Sabis ɗinka ne ba ƙarfi, Oga. Ka duba lambar ping a saman allon. In ta wuce 100 to ba ka da ta cewa. Ka canza layi ko ka matsa kusa da taga.

Nura: Abba, ai ko da na kashe data gaba ɗaya ina buga da kwamfutar gem ɗin, haka yake yi. Ba da kowa nake karawa ba.

Abba: To fa. Na ɗauka ta intanet kake yi.

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam. Nura, amsar da ka ba Abba ta rage mana rabin aiki. Abubuwa uku ne mutane ke haɗawa su kira su da suna ɗaya. Akwai jinkirin intanet, wanda ping ke nunawa, shi kuma ba ruwansa da talabijin. Akwai cijewar waya idan ta yi zafi ko gem ya fi ƙarfinta, wannan za ka gan shi a allon wayar ma. Sai na uku, wato hoto ya riga ya fito a waya amma bai iso talabijin ba. Naka na ukun ne, tunda ka ce a wayar lafiya lau.

Kafin kowa ya ce maka sayi kaza, ka fara aunawa. Buɗe Stopwatch a wayar, wanda ke nuna ƙananan lambobi biyu ko uku bayan sakan, ka bar shi yana gudu yayin da allon ke fitowa a talabijin. Ka riƙe wayar a gefen talabijin, wani ya ɗauki hoton allunan biyu tare da wata wayar. Za ka ga lambar waya ta wuce ta talabijin. Bambancin shi ne jinkirinka. Ka ɗauki kamar hoto goma, don kowane zai ɗan bambanta, wasu ma lambar za ta dusashe ba za ta karantu ba. Ka kawo mana abin da ka samu.

Sani Dogo: Ba sai an je da nisa ba. Kebul ne magani, kowa ya san wannan. Ka nemi HDMI mai kan zinare, gajere, mita ɗaya. Dogon kebul shi ke kawo makara.

Injiniya Bashir: Sani, rabin maganarka gaskiya ce. Kebul ya fi iska, wannan haka yake. Amma tsawonsa da kan zinare ba su da hannu a jinkiri. Sigina na gudu a cikin waya ta tagulla da saurin da mita ɗaya da mita biyar duk ɗaya ne ga idon mutum. Kebul mara kyau ko mai tsawon da ya wuce kima abin da yake yi daban ne: hoton ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, ko ka ga ɗige-ɗige masu walƙiya. Ko ya kawo hoton a kan lokaci, ko ya kasa kawo shi.

Sani Dogo: Ni dai da na canza nawa na ga canji.

Injiniya Bashir: A ramin HDMI ɗaya ka mayar da shi ko wani ramin ka soka?

Sani Dogo: Wallahi ban riƙe ba. Ina jin na biyu na koma, don na farkon dikoda ce a ciki.

Injiniya Bashir: Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Nura: Na auna, Injiniya. Ƙanwata ce ta ɗauka min. A hoto ɗaya waya na nuna 14.62 talabijin na nuna 14.33. Wani 21.08 da 20.81. Sauran duk tsakanin 0.26 ne da 0.31, sai guda ɗaya da ya kai 0.45, lokacin hoton ma ya ɗan farfashe ya koma murabba'i-murabba'i. Da kebul mai kai ukun kuma na samu kamar 0.22.

Injiniya Bashir: Madalla, gani ya kori ji. Kana da jinkirin kusan milisakan 280, wato ya ɗan haura kwatan sakan. A baki kamar ba komai ba ne. Amma gem da ke tafiya a hoto 60 cikin sakan yana canza hoto duk bayan milisakan 16.7, ke nan abin da kake kallo a talabijin ya tsufa da hoto 17. Ɗan adam kansa yana buƙatar kusan kwatan sakan daga ganin abu zuwa motsa yatsa. To kai yanzu an ninka maka. Shi ya sa ma'aunin fanareti ke wuce ka: lokacin da idonka ya ga ya kai tsakiya, a cikin wayar ya riga ya cika.

Wannan 280 ɗin ba wuri ɗaya yake ba. Idan kana jefa allo ta iska, wayar sai ta ɗauki kowane hoto ta matse shi ya koma bidiyo, kamar yadda kyamara ke yi, yawanci da tsarin H.264. Ta yayyanka shi ta tura ta Wi-Fi. Talabijin ta tattara, ta ajiye 'yan hotuna a gefe don kada a ga tsinkewa idan wani yanki ya makara a hanya, sannan ta warware matsin. Bayan duk wannan, ita talabijin ɗin tana da nata kwalliyar da take yi wa hoto kafin ta nuna shi: gyaran launi, share ƙura, santsin motsi. Wannan na ƙarshen shi ne mafi sauƙin cirewa kuma ba ya cin ko kwabo, don haka da shi za mu fara.

Ɗauki rimot, shiga Settings, sannan Picture, ka nemi Game Mode. A wasu yana cikin jerin Picture Mode tare da Standard da Vivid da Cinema, a wasu yana ɓoye a General. Kunna shi yayin da allon wayar ke kan talabijin. In ka ga ya yi toka-toka ba ya dannuwa, to ka kashe santsin motsi da hannu. Samsung na kiransa Auto Motion Plus ko Picture Clarity, LG na kiransa TruMotion, Sony kuma Motionflow. Aikinsa ƙirƙiro hoto tsakanin hotuna biyu na gaskiya, kuma ba zai iya ba sai ya jira na biyun ya iso. Jiran nan kai ke biyansa. Ka kashe Noise Reduction ma.

Maman Ilham: Ku yi haƙuri in shigo da nawa. Yarana na jefa gem ɗinsu na haɗa kalmomi da na tseren mota a talabijin, su ba sa ƙorafin komai. Abin da ke damuna ni shi ne sauti. Motar ta daki bango, sai daga baya ka ji ƙarar. Ta sifikar Bluetooth muke ji. Shi ma Game Mode ɗin zai gyara?

Zainab K.: Maman Ilham, naki daban ne. Bluetooth ɗin ne da kansa, shi ma matse sauti yake yi ya tura a warware, kuma yakan ci milisakan 150 zuwa 250 a sifika ta yau da kullum. A fim ba kya lura saboda manhajar kan riƙe hoton ya jira sautin. A gem ba halin a riƙe hoto. Ki cire sifikar daga Bluetooth ki bar sautin ya fito ta talabijin, ko ki haɗa su da kebul idan sifikar na da ramin AUX.

Maman Ilham: Ikon Allah. Na cire, yanzu tare suke fitowa. Sai dai sautin talabijin ɗin kamar daga cikin gwangwani. Na gode 'yar'uwa, zan nemi kebul ɗin.

Nura: Injiniya, Game Mode bai dannu ba a yanayin jefa allo, kamar yadda ka ce. Na kashe santsin motsi da Noise Reduction. Yanzu ina samun 0.19 zuwa 0.21. An samu sauƙi ƙwarai, fasin ya fara shiga. Amma har yanzu ina jin nauyin a hannuna, kuma duk bayan ɗan lokaci hoton ya tsaya cak ya yi tsalle.

Sani Dogo: Wannan kam na sani. Koma 5GHz a rawuta. 2.4 cunkoso ne, kowa a kansa yake.

Injiniya Bashir: A nan ka yi daidai, Sani. Zangon 2.4GHz maƙwabta na kai, Bluetooth na kai, har na'urar ɗumama abinci idan tana aiki tana watsa hayaniya a wurin. Idan Nura na amfani da hannun gem na Bluetooth, to hannun da hoton suna rububin hanya ɗaya. Sai dai akwai abin lura: ba kowace jefawa ce ke bi ta rawuta ba. Wadda ake gani da sunan Smart View ko Wireless Display ko Screen Mirroring yawanci Miracast ce, ita waya da talabijin ke magana kai tsaye ta Wi-Fi Direct, ko babu rawuta a gidan tana aiki. Ta Google Cast kuwa, wadda ake yi da Chromecast ko talabijin mai Google TV, hoton sai ya je rawuta sannan ya dawo talabijin, tafiya biyu a iska. Mai irin wannan, in ya soka wa talabijin kebul ɗin LAN daga rawuta, ya cire tafiya ɗaya. Nura, wanne kake dannawa?

Nura: Wireless Display aka rubuta. Wayar na kan Wi-Fi ɗin gida, talabijin ma haka.

Injiniya Bashir: To gwada abu biyu. Na farko ka ɗora su duka a kan 5GHz ɗin rawutar, domin sau da yawa haɗin kai tsayen yakan bi zangon da na'urorin ke kai. Na biyu, tunda ba da intanet kake buga ba, ka sa wayar ta manta da Wi-Fi ɗin gidan amma ka bar Wi-Fi a kunne. Dalili shi ne rediyon Wi-Fi ɗaya ne a wayar. Idan rawuta na tasha ɗaya talabijin na wata, sai wayar ta riƙa kai-komo tsakaninsu, kuma duk lokacin da ta juya wa talabijin baya hoto ya tsaya. Ina zargin tsallen da kake gani ke nan, ko kuma lokacin da take laluben sababbin Wi-Fi a kewaye.

Nura: Na yi na biyun. Tsallen ya ragu sosai, a minti goma sau ɗaya na gani. Lambar kuma ta sauka 0.15 zuwa 0.17. Me ya rage in taɓa?

Injiniya Bashir: Gaskiya ka kusa kai ƙasa. Matsewa da ajiyewa da warwarewa ba za su tafi ba, su ne jefawar kanta. Za ka iya tsintar 'yan milisakan ta rufe sauran manhajoji da kashe Battery Saver, amma kada ka sa rai za ka ga 0.03 ta iska da wannan talabijin. Ga gem ɗin dara, kati, kacici-kacici ko wanda ake bi da bi, 0.15 ba laifi. Ga ƙwallo da harbi da faɗa, a ganina bai isa ba.

Zainab K.: Ban yarda gaba ɗaya ba, Injiniya. Ni ina buga tseren mota ta AirPlay, jefawar iPhone, kuma ina cin kofi lafiya. Hannu na sabawa, kana fara juya sitiyari kafin kwanar ta iso.

Injiniya Bashir: Hanyar tsere ba ta canzawa, Zainab, kin haddace kwanonin. Mai tsaron baya da zai zame maki ba ya sanar da ke.

Zainab K.: Wannan kuma haka ne. Amma na fi son in zauna a kujera ba igiya a ƙafata ko da zan rasa 'yan wasanni. Ba kowa ne ke shirin gasa ba.

Malam Habu: Ina ta karatu ina dariya. Mu da muka buga gem a talabijin mai ƙeya ba mu san wani abu wai shi makara ba. Kana dannawa yana tsalle. Yanzu allo ya yi faɗi kamar ƙofa amma sai ya yi shawara kafin ya nuna maka.

Injiniya Bashir: Malam Habu, ai gaskiyarka ce. Ta da ba ta ajiye hoto, yadda sigina ya shigo haka take zana shi layi-layi nan take. Na yanzu kwamfuta ce a ciki.

Nura: To ku warware min zancen kebul ɗina. In kebul ya fi iska, me ya sa nawa ya ba ni 0.22?

Injiniya Bashir: Da ka soka shi, nan take hoto ya fito ko sai da ka yi wani abu?

Nura: Sai da na sauke wata manhaja da lambar da ke jikin kwalin, na kunna USB debugging, sannan wani saƙo ya fito yana neman izinin ɗaukar abin da ke kan allo. Kuma dole sai an soka ɗaya kan a caja.

Injiniya Bashir: Shi ke nan, a nan gizo ke saƙa. Wannan jefawa ce aka sa mata rigar kebul. Manhajar na ɗaukar allonka ta matse shi ta tura ta USB a matsayin bayanai, wata 'yar na'ura a cikin kan HDMI ɗin ta warware. Duk matakan nan da na lissafa suna nan, iskar kawai aka cire. Alamarsa ke nan: duk kebul ɗin da ya ce sai ka sauke manhaja ko ka ba da izinin ɗaukar allo, ba hoto kai tsaye yake ɗauka ba. Kuma ka koma ka kashe USB debugging ɗin nan ka goge manhajar, ba abin bari a buɗe ba ne ga manhajar da ba ka san asalinta ba, bare wadda ke ganin duk abin da ka rubuta a allo.

Kebul na gaskiya yana dogara ne da wani abu da ake kira DisplayPort Alt Mode. Wayar da ke da shi tana fitar da hoton ɗanye ta wasu daga cikin ƙafafun ramin USB-C, adafta ta juya shi zuwa HDMI ba tare da matsewa ba. Kana sokawa hoto ya fito, ba manhaja ba izini. Matsalar ita ce siffar ramin ba ta gaya maka komai. Wayoyi biyu na iya samun rami iri ɗaya sak, ɗaya na fitar da hoto ɗaya ba ta yi, saboda a cikin injin wayar ba a ja layukan ba. Ba kuma manhajar da za ta ƙara shi.

Kusan duk jerin Galaxy S na da shi tun daga S8 ta 2017. Jerin Galaxy A yawancinsu ba su da shi. Pixel sai daga Pixel 8 aka buɗe shi, da sabuntawar 2024. Mafi yawan ƙanana da matsakaitan wayoyi ba su da shi. Ka duba takardar bayanan wayarka a layin USB. In ka ga DisplayPort ko video output, ka tsira. In USB Type-C 2.0 kawai aka rubuta, to babu.

Zainab K.: A nan zan ɗan gyara maka. iPhone 15 ta yau da kullum, ba Pro ba, gudun USB 2 gare ta amma tana fitar da DisplayPort. Ita ce a hannuna kuma na gwada. Sannan iPhone 16e tana da USB-C amma ba ta fitarwa. Don haka kalmar DisplayPort ɗin za a nema, kada a tsaya a lambar.

Injiniya Bashir: Na karɓi gyara. A wayoyin Android dai 2.0 kusan kullum alamar babu ce, amma ba doka ba ce. Tunda kin kawo iPhone, masu tsofaffin na Lightning su sani cewa adaftarsu ta HDMI ita ma matse hoton take a warware a cikinta, ramin Lightning ba ya fitar da ɗanyen hoto. Ta fi iska daidaito, amma ba ta kai ta USB-C ba.

Nura: Na duba. USB Type-C 2.0, OTG. Ba DisplayPort. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada ke nan.

Abba: Ka sa gem ɗin a talabijin ɗin kanta mana, in mai Android ce.

Injiniya Bashir: Shawarar ba ta da laifi, Abba, jinkirin jefawa zai tafi gaba ɗaya. Amma injin cikin yawancin talabijin na kallon bidiyo ne, ƙwaƙwalwarsa kaɗan ce, kuma manyan gem na waya ba ka cika samunsu a shagon manhajojin talabijin ba. Ƙanana za su yi.

Nura: Bari in ba ku labari. Yayana ya zo, wayarsa Galaxy S ce kuma yana da adafta ta USB-C zuwa HDMI da yake aiki da ita. Mun soka, nan take hoto ya fito. Da farko wani allo kamar na kwamfuta ya buɗe, ya ce DeX ne, ya kashe shi ya koma nuna allon wayar. Na auna: 0.11. Na yi zaton zan ga kusan sifili. Sannan motsin ƙwallon kamar yana ɗingishi, bai kai santsin na waya ba.

Injiniya Bashir: A wane rami kuka soka, kuma me Picture Mode ke nunawa yanzu?

Nura: HDMI 2. Vivid yake nunawa. Af, ashe gyaran da na yi bai biyo ni nan ba.

Injiniya Bashir: Abin da na ce wa Sani ya riƙe ke nan. Yawancin talabijin kowane rami da nasa setin. Mai yiwuwa Sani ya tashi daga ramin da ke kan Vivid ya faɗa wanda ke kan wani yanayi mai sauƙi, sai ya ba kebul ɗin zinare lada. Sababbin talabijin na da ALLM da ke kunna Game Mode da kansa, amma sai na'urar da aka soka ta nema, kuma adaftar waya ba ta cika nema ba. Kunna da hannu, a nan zai dannu.

Sani Dogo: Na je na duba nawa. HDMI 2 a kan Game yake, ƙanena ne ya sa tun lokacin da yake kawo na'urar gem ɗinsa. To na ji. Amma kebul ɗin ma yana da kyau.

Nura: Na kunna. Yanzu 0.04, wani hoton 0.05, wani 0.03. Bambancin kamar dare da rana, na ci fanareti uku a jere. Launin ya ɗan dushe amma ban damu ba. Ɗingishin ne dai yana nan.

Injiniya Bashir: Danna Info a rimot, ko maɓallin da ke nuna bayanin siginar. Me ya rubuta?

Nura: 3840x2160 30Hz.

Injiniya Bashir: Ga ɓarawon. Talabijin ta ce wa adafta ni 4K ce, adafta ta ce to, amma ƙarfinta a 4K hoto 30 ne kawai a sakan. Gem na zana 60, rabi na zubewa a hanya, kuma kowane hoto na zama milisakan 33 a allo maimakon 17.  Don gem, 1920x1080 a 60Hz ya fi 4K a 30Hz nesa ba kusa ba, tunda gem ɗin waya ba a 4K yake zana hotonsa ba tun farko. In wayar ko adaftar ta ba ku damar zaɓar girman hoto, ku sauke shi zuwa 1080. In ba ta bayar ba, sai adaftar da aka rubuta 4K 60Hz a jikinta ƙarara, domin wadda aka rubuta 4K kawai sau da yawa ta 30 ce. Da ita ma wataƙila sai kun buɗe ramin a talabijin: Samsung na kiran wurin Input Signal Plus, LG na kiransa HDMI Ultra HD Deep Colour.

Ka kuma sani awon nan da agogo ba ya iya rarrabe abin da ya gaza hoto ɗaya, don haka 0.03 da 0.05 kusan abu ɗaya ne. In kana son ƙarin daidaito, ɗauki bidiyon Slow motion mai hoto 240 a sakan ka ƙirga hotuna tsakanin motsi a waya da motsi a talabijin, kowane hoto milisakan 4 ne da ɗan ɗori.

Maman Ilham: Ni tambayata, da kebul a jikin wayar ina za a sa caji? Na yarana ko awa biyu ba ta yi.

Zainab K.: Akwai adafta mai ƙarin ramin USB-C da aka rubuta PD a gefensa, nan ake soka caja. Sai dai waya na gem, tana fitar da hoto, tana caji, zafi za ta yi. Ki cire mata riga, ki rage hasken allonta tunda ba shi ake kallo ba, kuma kada a ɗora ta a kan katifa ko kushin.

Injiniya Bashir: Zafin nan ma shi ne wani abin da ke cin masu jefawa ta iska, don matse bidiyo ƙarin aiki ne a kan gem ɗin. Za ka ga minti ashirin na farko lafiya, daga nan waya ta rage gudu don ta huce, sai cijewa ta fara. Mutum ya yi ta zagin Wi-Fi alhali laifin ba nasa ba ne. Yadda za ka gane: kalli allon wayar lokacin da abin ke faruwa. In ita ma tana cijewa, zafi ne. In ita tana tafiya sumul talabijin ce kaɗai ke tsayawa, hanya ce.

Malam Habu: Ni abin da ban gane ba, idonka na kan talabijin, yatsunka na kan gilashi mai santsi. Ta yaya kake sanin inda maɓallin yake?

Nura: Malam, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Rabin ƙwallayen da aka ƙwace min ma ina jin saboda yatsana ya zame daga wurin gudu ne. Hannun gem nake so in nema, amma ina tsoron Bluetooth bayan abin da Zainab ta faɗa.

Zainab K.: Na sauti daban, na hannu daban. Hannu 'yan bayanai kaɗan yake turawa, ba matsewa, jinkirinsa kusan hoto ɗaya ne ko ƙasa. In adaftar na da ramin USB babba, kana iya soka mai waya ma. Abin da za ka fara bincika shi ne ko gem ɗinka na karɓar hannu, don ba duka ba ne. Call of Duty Mobile na karɓa, wasu manyan kuwa ba sa karɓa a hukumance, kuma manhajojin da ke kwaikwayon taɓa allo na iya jawo a rufe maka asusu.

Injiniya Bashir: Wanda ke jefawa ta iska dai ya tuna hannun Bluetooth a 2.4GHz yake, shi ya sa na matsa a kan 5GHz ɗazu.

Nura: Yayana zai tafi da wayarsa anjima, ni kuma in koma 0.15 ɗina. Akwai wata na'urar jefawa da ake sokawa a HDMI da za ta fi ta cikin talabijin sauri? Tunda ita a rami take, Game Mode zai dannu a kanta.

Injiniya Bashir: Tunanin na da kyau, Game Mode zai yi aiki a ramin, za ka cire sauran kwalliyar da ba ka iya kashewa ba. Amma na'urar na da nata ajiyar hotunan, wata gajere wata dogo, kuma ba a rubuta shi a kwali. Na ga wadda ta fi ta cikin talabijin sauri, na ga wadda ta fi ta muni. Ba zan ce maka saya ba sai ka aro ka auna.

Sani Dogo: Ina da ɗaya a durowa ban taɓa amfani da ita ba. In ka zo ka ɗauka, amma cajarta ta ɓata.

Zainab K.: In ka gwada ka auna sau biyu, ɗaya da Game Mode ɗaya babu, mu ga nawa ne rabon talabijin nawa ne na na'urar. Ni ma zan auna AirPlay ɗina yau da daddare, wataƙila Injiniya ya sha mamaki.

Nura: To. Sani, micro USB take ci ko USB-C? In duba ko ina da irin wayarta kafin in taso.